Dukiya, bashi da jari: yadda kowace hidimar kasuwanci take barin lissafi a daidaice

Duk abin da ke cikin shago yana da mai shi. Buhunan da aka jera, kuɗin da ke cikin durowa, babur ɗin da ke ƙofa, kowannensu da kuɗin wani aka samo shi. Ko dai kuɗin mai shagon ne, ko kuma na wani ne da yake jiran a biya shi. Babu na uku. A kan wannan magana aka gina ilimin lissafin kuɗi gaba ɗayansa, daga littafin mai tireda har zuwa rahoton shekara na manyan bankuna, kuma akantoci suna taƙaita ta a layi guda:

Dukiya = Bashi + Jari

Dukiya a nan ita ce duk abin da kasuwancin ya mallaka wanda za a ci moriyarsa nan gaba: tsabar kuɗi, kuɗin da ke banki, haja, kayan aiki, har da bashin da shagon yake bin mutane. Bashi kuwa shi ne wanda ake bin shagon. Jari shi ne abin da zai rage wa mai shagon idan aka ware haƙƙin masu bin bashi daga cikin dukiyar. A nan ne mutane da yawa suke fara kuskure, domin a bakin 'yan kasuwa jari yana nufin kuɗin da ake juyawa. A wannan lissafi ba a iya ɗaga jari a nuna shi. Saura ne, ana samunsa bayan an yi debewa. Mutum yana iya zama cikin shago maƙil da kaya alhali rabonsa a ciki bai taka kara ya karya ba, saboda yawancin kayan na dila ne.

Don wannan layi ya zauna daidai, kowace hidima, wato duk wata mu'amalar kuɗi ko kaya, ana rubuta ta a wuri biyu, kuma wannan tsari tsoho ne. 'Yan kasuwar biranen Italiya sun daɗe suna aiki da shi kafin Luca Pacioli ya buga bayaninsa a Venice a 1494, kuma har yau manhajojin da kamfanoni ke amfani da su a kansa suke tafiya. Amma tarihi ba shi ne damuwarmu ba. Abin da nake son mu gani shi ne dalilin da ya sa ɓangarorin nan biyu ba sa taɓa saɓawa, sannan wace hidima ce take taɓa jari, wace ce take wucewa ta gefensa. Wanda ya iya rarrabe wannan ya san ko kasuwancinsa gaba yake yi ko baya.

Kafin mu shiga, akwai sharaɗi ɗaya wanda idan an karya shi komai ya rushe. Dole a ɗauki shagon a matsayin wani mutum daban da mai shi. Aljihun maigida daban, durowar shago daban. Idan maigida ya zuba kuɗi a shago, shago ya karɓa daga hannunsa. Idan ya ɗiba, shago ya ba shi. Littafin na shago ne, kuma da idon shago ake rubuta shi.

A ce wani mutum ya buɗe shagon sayar da shinkafa. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin bi. Ya ware naira miliyan 3 daga abin da ya tara ya zuba a asusun shagon. A wannan rana dukiyar shago miliyan 3 ce, babu bashi, jari miliyan 3. Da ya ga kuɗin ba za su isa ba, sai yayansa ya ranta masa miliyan 1. Kuɗin asusu sun zama miliyan 4, amma rabon mai shagon bai ƙaru da ko kwabo ba. Ƙarin da aka samu a ɓangaren dukiya ya zo tare da mai shi a ɗaya ɓangaren: bashi miliyan 1, jari miliyan 3. Waɗannan hidimomi biyu iri ɗaya ne a zahiri, kuɗi ne suka shigo, sai dai na farko ya kumbura jari, na biyu ya kumbura bashi. Shi ya sa tambayar farko idan kuɗi sun shigo ita ce daga ina suka fito.

Daga nan sai kashe kuɗi, kuma a nan abin yake ba sabon shiga mamaki. Mutuminmu ya biya hayar shekara guda, naira 600,000. Ya sayi babur na kai kaya a kan 960,000. Ya saro buhu 30 na shinkafa, kowane buhu 60,000, ya biya miliyan 1.8 lakadan. Cikin 'yan kwanaki asusun da yake da miliyan 4 ya koma 640,000. Idan ka tambaye shi zai ce maka kuɗi sun tafi. To amma a littafi jimillar dukiya ba ta motsa ba, tana nan miliyan 4. Kuɗin sun canza kama ne kawai: wasu sun zama shinkafa, wasu sun zama babur, wasu sun zama haƙƙin zama a shago na wata goma sha biyu. Maganar haya ita ce ta fi wuyar karɓa, domin ba a ganin abin da aka saya. Sai dai ka duba: da zai bar shagon washegari ya sa wani a ciki, ai zai karɓi kuɗin watannin da suka rage. Abin da za a iya mora nan gaba dukiya ne, ko da ba a iya taɓa shi da hannu. Irin wannan hidima duk a cikin ɓangare ɗaya take ƙarewa, wata dukiya ta ragu, wata ta ƙaru da daidai adadin, bashi da jari ba su ma san an yi ba.

Dila ya ga alamar mutumin kirki ne, sai ya ƙara masa buhu 20 a kan in ya sayar ya kawo kuɗi, wato miliyan 1.2. Haja ta zama buhu 50, darajarta miliyan 3. Bashi kuma ya hau zuwa miliyan 2.2. Idan muka tsaya muka ƙirga a nan, kuɗi 640,000 da haya 600,000 da babur 960,000 da haja miliyan 3 sun tashi miliyan 5.2. A ɗaya ɓangaren, bashi miliyan 2.2 da jari miliyan 3, su ma miliyan 5.2. Shago ya cika, maƙwabta suna cewa kasuwa ta buɗe masa, amma jarinsa yana nan inda ya fara. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba laifi ba ne shago ya girma da kayan dila. Laifin shi ne mai shago ya manta cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na abin da ke ƙarƙashin hannunsa na wasu ne.

Har zuwa nan babu hidimar da ta taɓa jari tun bayan zuba shi. Ciniki ne yake fara taɓa shi, kuma ya kamata mu daɗe a kansa, domin hidima biyu ce a haɗe da ake ɗauka ɗaya. Ya sayar da buhu 25 a kan 68,000 kowane, ya karɓi miliyan 1.7. Wannan rabin labarin ne: kuɗi sun ƙaru da miliyan 1.7. Ɗaya rabin shi ne buhunan da suka fita, waɗanda shi ya saye su a kan miliyan 1.5. Dukiya ta ƙaru ta wata ƙofa, ta ragu ta wata, bambancin 200,000. Babu wanda yake bin shagon bashin wannan 200,000, saboda haka ba ta da wurin zama sai jari. Wannan ita ce riba a lissafi: ƙaruwar dukiya wadda ba rance ba ce, ba kuma sabon zubi daga aljihun mai shago ba. Jari ya zama miliyan 3.2.

Wanda yake rubuta kuɗin ciniki kawai, bai rubuta kuɗin sayen kayan da suka fita ba, littafinsa zai nuna masa yana da buhu 50 alhali 25 ne a ƙasa, kuma zai nuna masa ribar miliyan 1.7. Ba kasafai ɗan kasuwa yake yin wannan kuskure a zuciyarsa ba, ya san nawa ya saro. Amma yaron da aka ba littafi ya riƙa rubutawa yana yinsa, musamman inda kayan suke iri-iri.

Sai wata mai sayar da abinci ta zo ta ɗauki buhu 10 bashi, aka yi ciniki a kan 70,000 kowane. Ko sisi bai shigo ba, amma ciniki ya faɗa: kaya sun bar hannunsa, sun zama nata, kuma ta ɗauki alkawarin biyan 700,000. Haja ta ragu da 600,000, sabuwar dukiya ta bayyana mai suna bashin da ake bin abokan ciniki, 700,000, jari ya ƙaru da 100,000 ya zama miliyan 3.3. Bayan mako biyu ta kawo 400,000. A nan ne ake yawan ninka riba ba a sani ba, domin ganin kuɗi a hannu yana sa a sake rubuta su a matsayin ciniki. Cinikin an riga an rubuta shi ranar da ta ɗauki kaya. Abin da ya faru yau canjin kama ne irin na ɗazu: kuɗi sun ƙaru da 400,000, bashin da ake bin ta ya ragu zuwa 300,000. Jari bai motsa ba.

Haka ma idan aka juya. Ya kai wa dila 800,000 daga cikin kuɗinsa. Kuɗi sun fita da yawa, har mutum ya ji a jikinsa, amma ba asara ba ce, ba kuma ɗawainiya ba. Dukiya ta ragu da 800,000, bashi ya ragu da 800,000. Shagon ya ɗan tsuke ta ɓangarorin biyu, rabon mai shi yana nan.

Akwai wata hidima da nake ganin ta fi kowace ruɗar 'yan kasuwarmu, wato kuɗin da aka ba ka tun kafin ka ba da kaya. Wani mai shirin aurar da 'ya ya zo ya biya kuɗin buhu 5, naira 340,000, ya ce a ajiye masa sai wata mai zuwa, idan sabon kaya ya iso, zai aiko a ɗauka. Kuɗi sun shigo asusu, alat ya yi ƙara. Amma shago bai ba shi komai ba tukuna. Idan biki ya fasa, ko kaya suka gagara samuwa, kuɗinsa za a mayar masa. Saboda haka wannan 340,000 bashi ne a kan shagon, sai dai da shinkafa za a biya shi. Dukiya ta ƙaru, bashi ya ƙaru, kamar dai rancen yaya. Sai ranar da aka ɗora buhunan a mota bashin zai goge, haja ta ragu da 300,000, sannan 40,000 ta shiga jari. Teloli kafin salla, masu haɗa kayan ɗaki, makarantun da ke karɓar kuɗin zango tun farkonsa, duk a cikin wannan hali suke. Telan da ya karɓi kafin alƙalami na ɗinki talatin ya kashe a kan hidimar gida, bashi ya ci, ko da a ransa yana ganin guminsa ne.

Yanzu ga abubuwan da ke cin jari. Na farko ɗawainiyar gudanar da shago. Ya biya yaron shago albashi 40,000, ya kashe 30,000 a man babur da 'yan dako masu kai wa abokan ciniki kaya. Kuɗi sun ragu da 70,000, kuma babu wata dukiya da ta maye gurbinsu, babu bashin da ya ragu. Aikin da yaron ya yi an riga an more shi, man ya ƙone. Dole jari ne zai ɗauki nauyin. Bambancin wannan da sayen babur ke nan: kuɗin babur sun bar abin da za a mora gobe, kuɗin mai ba su bar komai ba.

Na biyu shi ne hannun maigida. A cikin watan ya zari 100,000 don cefane da kuɗin makarantar yara, ya kuma sa an kai buhu ɗaya gida. Dukiya ta ragu da 160,000, jari ya ragu da 160,000. Ana rubuta buhun a kan 60,000 da aka saye shi, domin mutum ba ya cin riba a kan kansa. Akantoci suna ware wannan daga ɗawainiya da gangan. Dukansu biyu suna rage jari, amma ɗawainiya tana gaya maka nawa kasuwancin yake ci kafin ya kawo riba, ɗiban maigida kuma yana gaya maka nawa gida yake ci daga kasuwancin. Idan aka cakuɗa su, shago mai lafiya zai yi kama da mai asara, ko kuma a yi ta zargin kasuwa alhali ɗiba ce ta yi yawa. Babu aibu mutum ya ci daga sana'arsa, don haka ya buɗe ta. Abin nema dai a rubuta, har buhun da aka kai gida, har kwanon da aka auna wa baƙo.

Na uku su ne masu cin jari a ɓoye, waɗanda babu rasit ɗinsu, babu alat, babu wanda zai zo ya tuna maka. Wata ya ƙare. Hayar nan ta 600,000 an cinye kashi ɗaya cikin goma sha biyu nata, saboda haka 50,000 ta fita daga dukiya ta koma ɗawainiya, saura 550,000. Babur ya tsufa da wata guda. Idan mai shagon ya ƙiyasta zai yi masa aiki shekara huɗu, wato wata 48, kafin ya zama ba shi da wata daraja, to kowane wata yana cin 20,000 daga cikin 960,000. Wannan ƙiyasi ne, kuma wani zai iya cewa shekara biyar, amma ƙin rubuta komai daidai yake da cewa babur ba ya tsufa. Sannan wutar lantarki: an sha ta wata guda, takardar 10,000 ta zo, ba a biya ba. Wannan ta bambanta da sauran, domin dukiya ba ta motsa ba ko kaɗan. Bashi ne ya ƙaru da 10,000, jari ya ragu da 10,000, duk a ɓangare ɗaya.

To mu rufe littafin watan. Kuɗi miliyan 2.11. Bashin da ake bin mai abinci 300,000. Haja buhu 14, wato 840,000. Sauran haya 550,000. Babur 940,000. Jimillar dukiya miliyan 4.74. A ɗaya ɓangaren, yaya yana bin miliyan 1, dila 400,000, mai biki 340,000, kamfanin wuta 10,000, jimilla miliyan 1.75. Abin da ya rage, jari, miliyan 2.99 ne.

Dubi wannan adadi da kyau. Mutumin ya fara da miliyan 3. Ya sayar da buhu 35, ya samu 300,000 a kansu. Ɗawainiya ta ci 150,000, idan aka haɗa albashi da mai da dako da haya da tsufan babur da wuta. Ribar watan ke nan 150,000, kuma ga sabon shago wannan ba abin rainawa ba ne. Amma ya kai 160,000 gida. Ya cinye ribar duka, ya taɓa uwar kuɗi da 10,000. Babu abin da zai nuna masa haka a zahiri: asusunsa yana ɗauke da fiye da miliyan 2, shago yana da kaya, masu saye suna zuwa. Naira 10,000 ba za ta karya kowa ba. Abin tsoro shi ne hanya ce da ake iya binta shekara da shekaru ba a farga ba, domin kuɗin yaya da na dila da na mai biki suna rufe ramin, har ranar da suka zo karɓa a tare, a tashi ba uwa ba riba.

Saura hidimomin da ba su faru a wannan wata ba amma suna iya faruwa. Idan yaya ya ce ya fasa karɓar miliyan ɗayansa, a mayar da ita hannun jari su riƙa raba riba, bashi zai ragu da miliyan 1, jari ya ƙaru da miliyan 1, ba tare da ko naira ta motsa ba. Sai dai jarin ya zama na mutum biyu. Idan wani aboki ya biya dila 400,000 kai tsaye a madadin shagon, mai bin bashi ne kawai ya canza. Idan kuma mai abincin nan ta tashi daga unguwa aka neme ta aka rasa, dole a goge 300,000 daga dukiya, jari ya ragu da ita. Wannan yana da ciwo, shi ya sa za ka ga littafin bashi cike da sunayen da aka shekara uku ba a ji ɗuriyarsu ba, ana ƙirga su cikin dukiya.

A manyan littattafai ba a sake jera lissafin nan bayan kowace hidima kamar yadda muka yi. Kowane abu yana da shafinsa mai gefe biyu, hagu ana ce masa debit, dama kiredit. Ƙaruwar dukiya a hagu ake rubuta ta, ƙaruwar bashi da jari a dama, raguwa kuma a akasin haka. Tunda ɗawainiya da ɗiban maigida rage jari suke yi, a hagu suke zama, ciniki kuma a dama. Kowace hidima abin da aka rubuta a hagu sai ya yi daidai da na dama. Masu koyo suna rikicewa saboda saƙon banki, inda kiredit yake nufin kuɗi sun shigo. Bankin daga littafinsa yake magana. Kuɗin da ka ajiye bashi ne kake binsa, idan sun ƙaru bashin da ke kansa ne ya ƙaru, shi ya sa yake rubutawa a dama. A littafin shagonka kuɗin nan dukiya ne, a hagu za su zauna.

Yanzu ga iyakar abin, kuma ina ganin ya kamata a riƙa faɗinta tun ranar farko ga duk mai koyo. Daidaituwar ɓangarorin biyu ba shaida ba ce cewa littafi gaskiya yake faɗa. Abin da take tabbatarwa kawai shi ne duk abin da aka rubuta an rubuta shi sau biyu da adadi ɗaya. A ce mai shagonmu ya ɗauki kuɗin babur gaba ɗaya ya rubuta a ɗawainiyar wata. Dukiya za ta ragu da 940,000, jari ma haka, lissafi ya daidaita tsaf, amma littafi zai ce an yi asarar 790,000 a watan da aka ci riba. A ce ya rubuta kuɗin mai biki a matsayin ciniki. Bashi zai ragu da 340,000, jari ya ƙaru da ita, nan ma ya daidaita. A ce buhun da aka kai gida ba a rubuta ba sam, ko yaron shago ya sayar da buhu ya sa kuɗin a aljihu. Hidimar da ba ta shiga littafi ba ba ta iya karkata shi. Haka idan aka rubuta 400,000 ɗin mai abinci a shafin wani abokin ciniki daban: jimilla daidai, amma za a je ana bin wadda ta biya, a ƙyale wanda bai biya ba.

Kurakuran da lissafin yake kamawa su ne na gefe ɗaya, kuma suna barin sawu. Idan ɓangarorin suka saɓa, fara da duba ko akwai hidima mai daidai adadin bambancin, wataƙila an rubuta ta a wuri ɗaya an manta ɗayan. Idan ba a samu ba, raba bambancin biyu. Adadin da aka sa a hagu alhali na dama ne yana haifar da bambanci ninkinsa, saboda haka ratar 140,000 tana iya nuna 70,000 ɗin albashi da mai ta faɗa gefen da ba nata ba. Idan kuma bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, a zargi juyewar lambobi, kamar a rubuta 480,000 a maimakon 840,000, inda ratar take 360,000.

Sauran kurakuran sai an tashi daga kan kujera. A ƙirga buhuna da hannu a ga ko 14 ne kamar yadda littafi ya ce. A karɓo bayanin asusu daga banki a bi shi layi-layi, domin cajin tura kuɗi da na kula da asusu suna fita ba tare da kowa ya rubuta ba. A kira dila a ji nawa yake bi a nasa littafin, a tuntuɓi mai abinci a ji ko ita ma 300,000 ta sani. Duk adadin da ke ɓangaren dukiya da na bashi yana da wani abu ko wani mutum a waje da za a gwada shi da shi. Jari ne kaɗai ba shi da wannan, ingancinsa ya dogara ga ingancin sauran.

Akwai kuma abin da ko littafi mai tsabta ba ya nunawa, wanda duk wanda ya yi kasuwa a Najeriya cikin shekarun tsadar nan ya ɗanɗana. Ana rubuta haja a kan kuɗin da aka saye ta. Idan kafin mutuminmu ya koma sari buhu ya tashi daga 60,000 zuwa 69,000 a wurin dila, to buhunan da ya sayar a kan 68,000 sun ba shi riba a littafi, amma kuɗin kowane buhu ba za su sayo masa madadinsa ba. Miliyan 3 ɗin da take daidai da buhu 50 a farkon wata yanzu ba ta kai buhu 44 ba. Ƙa'idar akantoci ba ta yarda a ɗaga darajar hajar da ke ƙasa don farashi ya hau ba, sai an sayar. Amma idan farashi ya faɗi har abin da za a samu ya gaza kuɗin saye, ko ruwa ya taɓa buhuna, ana rage darajar nan take, jari ya ɗauki asarar. Saboda haka a lokacin da kaya ke tashi, mai shago yana buƙatar ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin lissafin watansa: ya raba jarinsa da farashin sari na ranar, ya ga buhu nawa ya fito, ya gwada da na watan jiya kafin ya yanke nawa zai kai gida.